Gwada dokar giciyen matsakaicin farashi da Python ba tare da leƙen gobe ba

A cikin masu cinikin hannun jari akwai wata tsohuwar doka da kusan duk sabon shiga yake cin karo da ita tun makon farko. Ana ɗaukar farashin rufe kasuwa na kwana 50 da suka wuce a fitar da matsakaicinsu, a yi haka nan da na kwana 200. Ranar da matsakaicin kwana 50 ya haura na kwana 200 sai a saya, ranar da ya koma ƙasansa sai a sayar a riƙe kuɗi. Shi ke nan dokar. Babu ruwanta da labarin kamfani, ko wane ne shugabansa, ko abin da ya samu bara. Lambobi biyu kawai take kallo.

Sauƙin nan ne yake jan mutane, shi ne kuma ya sa ta dace da gwaji a kwamfuta. Doka ce da ba ta da "wataƙila", saboda haka ana iya tambayar tarihi kai tsaye: da mutum ya bi ta shekara ashirin ko talatin, me zai samu, kuma ina zai tsaya idan aka auna shi da wanda ya saya ya ajiye bai taɓa ba? Da harshen Python, shirin da zai amsa wannan tambaya bai kai layi ashirin ba. Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun yanzu shi ne, rubuta shirin ba wuya. Wuyar tana wajen hana shi ba ka amsa mai daɗi wadda ba gaskiya ba, domin layi ɗaya tak yana iya mayar da asara riba a kan allo.

Kafin a taɓa kwamfuta, gara a yi lissafin da hannu a kan ƙananan lambobi, don a ga abin da ake nema. Mu ƙaddara wani hannun jari da farashinsa na rufewa a kwana takwas ya kasance haka: 104, 102, 100, 100, 110, 112, 112, 104. Maimakon 50 da 200, mu yi aiki da matsakaicin kwana biyu da na kwana huɗu. Ana ce masa matsakaici mai tafiya saboda kowace rana sai a zubar da lamba mafi tsufa a shigo da ta yau.

A rana ta huɗu, matsakaicin kwana biyu 100 ne, na kwana huɗu kuwa 101.5. Gajeren yana ƙasa, don haka babu saye. A rana ta biyar farashi ya yi tsalle zuwa 110. Gajeren ya zama 105, dogon ya zama 103, giciye ya auku, doka ta ce a saya. Rana ta shida da ta bakwai gajeren yana nan a sama, 111 a kan 105.5, sannan 112 a kan 108.5. A rana ta takwas farashi ya faɗo 104, gajeren ya zama 108, dogon 109.5, doka ta ce a sayar.

To, a nawa aka saya? Ba za ka san an yi giciye a rana ta biyar ba sai kasuwa ta rufe, domin farashin rufewar ranar yana cikin lissafin. Mafi saurin abin da za ka iya shi ne ka saya a kan 110. Haka kuma ba za ka san lokacin fita ya yi ba sai bayan farashi ya riga ya sauka 104. Ka saya 110, ka sayar 104, ka yi asarar kusan kashi 5.5 cikin 100. Amma idan shirinka ya yi kuskuren ɗaukar alamar rana ta biyar ya haɗa ta da ribar wannan ranar, zai rubuta kamar ka shiga tun a kan 100 ka ci tsallen nan gaba ɗaya, kuma ka fita a kan 112 kafin faɗuwar rana ta takwas ta same ka. Sai ya nuna maka ribar kashi 12 cikin 100. Farashin bai sauya ba, dokar ba ta sauya ba, amma amsar ta tashi daga asara ta koma riba. Tamkar ɗalibi ne da aka nuna wa amsa kafin a raba takardar jarrabawa: makinsa zai yi kyau, sai dai bai faɗi komai game da iliminsa ba.

Yanzu mu koma kan kwamfuta. Ana bukatar Python, da kuma wani rumbun kayan aiki mai suna `pandas`, wanda Wes McKinney ya fara rubutawa a 2008 lokacin yana aiki a wani kamfanin zuba jari a Amurka. Don irin wannan aikin aka ƙirƙire shi tun asali, shi ya sa jerin farashi mai kwanan wata yake zama a cikinsa daram. Ana saka shi da umarnin `pip install pandas`. Sai kuma fayil na farashi, irin wanda ake kira CSV, mai ɗauke da kwanan wata a shafi ɗaya da farashin rufewa a wani. Misalin da zan bi shi ne ma'aunin S&P 500, wanda yake tattara manyan kamfanonin Amurka kusan ɗari biyar, saboda tarihinsa dogo ne, yana da sauƙin samu, kuma a kansa aka fi yawan maganar wannan doka. A Yahoo Finance alamarsa `^GSPC`.

```python
import pandas as pd

df = pd.read_csv("farashi.csv", parse_dates=["Date"], index_col="Date")
f = df.sort_index()["Close"]
```

Kada a raina `sort_index()` ɗin nan. Wasu fayiloli suna zuwa da sabuwar rana a sama, tsohuwa a ƙasa. Idan ba a jera su daga tsohuwa zuwa sabuwa ba, shirin zai yi lissafinsa lafiya lau ba tare da ƙorafi ba, sai dai zai riƙa fitar da matsakaici daga kwanakin da ba su zo ba tukuna.

Akwai wani abin dubawa a fayil ɗin idan hannun jarin kamfani guda ake gwadawa. A ƙarshen Agusta 2020 kamfanin Apple ya raba kowane hannun jarinsa gida huɗu. Wanda yake da ɗaya ya wayi gari da huɗu, kowanne a kan kwatan farashin jiya, bai rasa ko sisi ba. Amma a jerin farashin da ba a daidaita ba, abin zai fito kamar faɗuwar kashi 75 cikin 100 a dare ɗaya, kuma dokar za ta ba da umarnin sayarwa a kan abin da bai faru ba. Don haka ake neman farashin da aka daidaita, wanda galibi ake rubuta wa `Adj Close`. Hanya mafi sauƙi ta gane matsalar ita ce a sa shirin ya fito da ranaku goma da farashi ya fi motsi, a duba su ɗaya bayan ɗaya a ga ko da gaske wani abu ya faru a kasuwa a ranar.

Sai zuciyar dokar, layi uku:

```python
gajere = f.rolling(50).mean()
dogo = f.rolling(200).mean()
alama = (gajere > dogo).astype(int)
```

Layin farko yana cewa a kowace rana a waiwaya baya kwana 50, har da ta yau, a fitar da matsakaici. Na biyu haka nan da kwana 200. Na uku yana rubuta 1 a duk ranar da gajeren yake sama, 0 a sauran. Kwanakin nan na kasuwa ne, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, kuma shekara tana da wajen 252, saboda haka kwana 200 ya haura wata tara. A kwanaki 199 na farkon fayil ɗin babu dogon matsakaici ko kaɗan, kuma `pandas` zai rubuta musu 0 shiru, kamar doka ce ta ce a zauna a waje. Za mu yanke su daga lissafi nan gaba.

Ga wurin da gwaji yake gyaruwa ko ya lalace:

```python
riko = alama.shift(1).fillna(0)
sauyi = f.pct_change().fillna(0)
ciniki = riko.diff().abs().fillna(0)
riba = riko * sauyi - ciniki * 0.002
```

`sauyi` shi ne motsin farashi daga jiya zuwa yau. `shift(1)` kuwa yana tura kowace alama gaba da kwana ɗaya, ta yadda abin da kake riƙe da shi yau ya dogara ne da abin da ka sani a daren jiya. Shi ne layin da ya raba kashi 12 na riba da kashi 5.5 na asara a misalinmu na hannu. Shawarata ga duk mai rubuta wannan shiri ita ce ya fara zuba waɗannan lambobi takwas a ciki, ya mayar da 50 da 200 zuwa 2 da 4, ya mayar da kuɗin ciniki sifili, ya ga ko amsar ta yi daidai da ta takarda. Idan shiri ya kasa a kan kwana takwas da kake iya binsu da ido, babu dalilin yarda da shi a kan kwana dubu bakwai.

Ko da `shift(1)` ɗin ma akwai ɗan sassauci a ciki. Yana ɗauka ka ga farashin rufewa, ka yi lissafi, kuma ka samu saye a kan wannan farashin daidai. A zahiri sai washegari za ka shiga kasuwa. Wanda yake son tsanantawa sai ya sa `shift(2)`, wato ya saya a rufewar washegari. Idan jinkirin kwana ɗaya ya ci rabin ribar da aka gani, alama ce cewa ribar ta rataya ne a kan 'yan ranaku kaɗan, kuma ba za ta jure hannun ɗan Adam ba.

Layin `ciniki` yana ƙirga duk ranar da aka shiga ko aka fita, sannan a cire kuɗin dillali. Lambar 0.002 da na sa, wato kashi 0.2 cikin 100 a kowane saye ko sayarwa, misali ne kawai. Kowa ya sa abin da ake cire masa a zahiri, har da tazarar da ke tsakanin farashin mai saye da na mai sayarwa. Ga dokar 50 da 200 wannan bai cika yin nauyi ba, tun da giciye yakan ɗauki watanni ko shekaru kafin ya sake aukuwa. Amma idan aka gajarta kwanakin, ciniki yana yawaita. A kasuwar da ake cire kashi 1 cikin 100 a kowane ɓangare, shiga da fita sau goma kaɗai zai cinye kusan kashi 18 cikin 100 na jari, ko da farashi bai motsa ba. Mai gwada dokar a kan hannayen jarin kasuwar Legas yana da ƙarin abin lura. A can akwai iyakar kashi 10 cikin 100 ga motsin farashi a rana guda, kuma a ranar da kowa yake son fita, farashi yana iya manne wa iyakar ƙasa babu mai saye. Shirin zai rubuta an sayar, alhali a zahiri kayan suna nan a hannunka.

Sai a tattara sakamako:

```python
jari = (1 + riba.iloc[200:]).cumprod()
ajiye = (1 + sauyi.iloc[200:]).cumprod()
faduwa = (jari / jari.cummax() - 1).min()
print(jari.iloc[-1], ajiye.iloc[-1], faduwa, ciniki.sum())
```

`jari` yana nuna abin da dala ɗaya ta zama a hannun mai bin doka. `ajiye` yana nuna abin da ta zama a hannun wanda ya saya ya kyale. An fara duka biyun daga rana guda don a yi adalci. Ba tare da wannan abokin gwaji ba, lambar farko ba ta da ma'ana, domin a kasuwar da ta yi shekaru tana hawa, kusan kowace doka da take sa ka saye wani lokaci za ta nuna riba. `faduwa` kuwa ita ce faɗuwa mafi zurfi daga ƙololuwa zuwa ƙasa. Ni a ganina ta fi jimillar riba muhimmanci, saboda ita ce take faɗin irin zafin da mutum zai sha kafin ya kai ga ribar, kuma yawancin masu watsar da doka a tsakiyar wannan zafin suke watsar da ita.

Me ake gani idan aka ɗora dokar a kan S&P 500? Lokuta biyu sun isa su nuna halinta. A Oktoba 2007 ma'aunin ya kai 1,565, daga nan ya fara gangara. Giciyen sayarwa ya zo a ƙarshen Disamba 2007, ma'aunin yana wajen 1,480. Kasuwa ta ci gaba da zubewa, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Satumba 2008, har ma'aunin ya kai 676 a Maris 2009, faɗuwar kusan kashi 57 cikin 100. Mai bin doka yana waje duk wannan lokaci, kuma giciyen saye ya dawo da shi a ƙarshen Yuni 2009 a wajen 900. Ya fita a 1,480, ya dawo a 900. Irin wannan labari ne ya sa dokar ta yi suna, kuma gaskiya ne.

Sai 2020. Ranar 19 ga Fabrairu ma'aunin ya rufe a 3,386. Annobar korona ta girgiza duniya, kuma zuwa 23 ga Maris ya sauka 2,237, wato kusan kashi 34 cikin 100 a cikin ɗan abin da ya haura wata ɗaya. Giciyen sayarwa bai zo ba sai ƙarshen Maris, mako guda bayan kasuwa ta riga ta taɓa ƙasa ta fara tashi, ma'aunin yana wajen 2,600. Giciyen saye ya zo a Yuli, a wajen 3,150. Mai bin doka ya sha kusan dukan faɗuwar, ya sayar da arha, sannan ya sake saye da tsadar kusan kashi 20 cikin 100.

Dalilin bambancin yana cikin lissafin kansa. Matsakaicin kwana 200 yana ba lambar wata tara da suka wuce nauyi daidai da lambar yau, saboda haka tsakiyarsa tana baya da kusan kwana 100. Na kwana 50 yana baya da kusan kwana 25. Doka ce mai bin sawu, kullum a makare take zuwa. Idan faɗuwa ta ɗauki wata goma sha bakwai kamar ta 2007 zuwa 2009, makarar wata biyu ba komai ba ce. Idan ta ɗauki wata ɗaya, kafin doka ta farga an gama. Akwai kuma hali na uku, lokacin da kasuwa take kai da komo ba ta nufi ko'ina ba. Tsakanin Agusta 2015 da Afrilu 2016 layukan biyu sun gitta juna sau huɗu, kuma kowane zagaye yana ɗan gutsurar jarin mai bin su. Saboda haka bai wadatar a kalli lambar ƙarshe kawai ba. A sa shirin ya jero kowane ciniki da ranar shiga da ranar fita da abin da aka samu. Sau da yawa za a tarar cewa ciniki biyu ko uku ne suka ɗauki nauyin duk fa'idar, sauran kuwa 'yan ƙananan asara ne. Idan haka ne, shekara talatin na farashi ba shaidu dubu bakwai ba ne, shaidu uku ne.

Abu biyu kuma suna karkatar da ma'aunin a ɓoye, kowanne zuwa nasa ɓangaren. Lambar `^GSPC` ba ta haɗa da rabon ribar da kamfanoni suke biyan masu hannun jari ba, kuma wanda ya saya ya ajiye shi ne yake karɓar wannan rabo kowane lokaci, mai bin doka kuwa yana rasa shi duk sa'ad da yake waje. Gwaji a kan farashi zalla yana rage wa mai ajiyewa haƙƙinsa. A ɗaya ɓangaren, shirinmu ya ɗauka kuɗin da aka fitar suna zaune ba sa haifar komai, alhali a Amurka akan ajiye su a takardun bashin gwamnati na gajeren lokaci. Wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, sifilin nan shi ne daidai da halinsa, sai ya bar shi yadda yake.

Jarrabawa mafi girma tana zuwa ne bayan an ga sakamakon farko. Zuciya takan ce, me zai hana a gwada 40 da 180, ko 20 da 150? Python yana sauƙaƙa wannan ƙwarai. Idan gajeren ya tashi daga 10 zuwa 100, dogon daga 110 zuwa 300, ana ƙara goma-goma, an sami haɗi 200, kuma kwamfuta za ta gama da su cikin 'yan daƙiƙu. Dole ɗaya daga cikinsu ya fi saura. Amma fifikon nasa yana iya zama sa'a ce kawai, ya dace ya fita kwana uku kafin wata faɗuwa guda da ba za ta maimaitu a wannan siffa ba.

Wannan ba zargi ba ne na fatar baki, masana sun bi ta kansa. A 1992 William Brock da Josef Lakonishok da Blake LeBaron sun gwada dokoki 26, ciki har da na matsakaici mai tafiya, a kan ma'aunin Dow Jones daga 1897 zuwa 1986, suka ga dokokin sun nuna ƙarfin hasashe. A 1999 Ryan Sullivan da Allan Timmermann da Halbert White suka sake duba batun da dokoki 7,846, suna la'akari da cewa wanda ya gwada da yawa dole ya dace da wata. Sun tarar mafi kyawun dokar ta tsaya da ƙafarta a cikin waɗancan shekaru casa'in, amma a shekaru goma da suka biyo baya, 1987 zuwa 1996, fifikon bai sake bayyana ba.

Maganin da mai ƙaramin shiri yake da shi shi ne ya raba tarihi gida biyu tun kafin ya fara. A `pandas` abu ne mai sauƙi: `f[:"2009"]` yana ba da farashi har ƙarshen 2009, `f["2010":]` yana ba da sauran. A yi duk wani zaɓe da gyare-gyare a kan kashin farko. Idan an tsayar da lambobi, sai a gwada su a kan kashi na biyu sau ɗaya tak. Wanda ya duba sakamakon kashi na biyu, bai ji daɗinsa ba, ya koma ya sauya lambobi ya sake gwadawa, ya riga ya mayar da kashi na biyun wani ɓangare na na farko, kuma ba shi da sauran tarihin da zai yi masa shaida.

Akwai wata alama da take taimakawa tun a kashin farko. A zuba sakamakon haɗi 200 ɗin nan a tebur, gajere a jere, dogo a tsaye, a dubi maƙwabtan wanda ya yi fice. Idan 50 da 200 sun yi kyau, kuma 40 da 190 da 60 da 210 duk sun yi kusa da shi, to akwai wani hali na kasuwa da dokar take kamawa. Idan kuwa akwati ɗaya ne ya yi fice, na kusa da shi duk sun faɗi, a koma jerin cinikinsa a nemo ranar da ta ɗaga shi. Galibi za a same ta, ciniki guda ne da ya riga maƙwabtansa fita da 'yan kwanaki, kuma idan aka cire shi daga lissafi akwatin yakan koma daidai da sauran.